Wasiƙa ga Iyaye: Yadda Za Ku Koya wa Yaro Lissafin Sau na Jeri a Gida

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara na aji huɗu.

Hoton shafin da muka tura muku a waya shi ne darasin wannan mako, wato lissafin sau da ake jera lambobi ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Wasunku sun ce sun gane amsar amma ba su gane ƙananan lambobin da ke saman jerin ba, wasu kuma hoton bai fita sosai a wayarsu ba. Don haka kafin komai, ku kwafe lissafin a takarda da manyan lambobi. Haruffan da ke saman shafin sunayen gidaje ne: U gidan ɗai-ɗai, T gidan gomomi, H gidan ɗaruruwa, Th gidan dubbai. Kowace lamba ta zauna daidai ƙarƙashin gidanta.

Ga misalin da za mu bi, 47 sau 36:

```
    4 7
  × 3 6
-------
  2 8 2
1 4 1 0
-------
1 6 9 2
```

Abin da nake so yaro ya fara fahimta shi ne 36 na nufin 30 da 6. Ku ce masa akwai kwando 36, kowanne da mangwaro 47. Za mu ƙirga na kwando shida, mu ƙirga na kwando talatin, sannan mu haɗa. Shi ya sa amsar take da layi biyu.

Layin farko na 6 ne, kuma daga dama ake farawa. 6 sau 7 ya ba da 42. Gida ɗaya ba ya ɗaukar lamba biyu, sai a rubuta 2, a riƙe 4. Wannan 4 ɗin ita ce ƙaramar lambar da kuke gani a hoton, kuma gomomi huɗu ce. Sai 6 sau 4, wato 24, a ƙara 4 da aka riƙe, ya zama 28. Layin farko 282.

Yanzu a soke ƙaramar 4 ɗin, ta gama aikinta.

Layi na biyu shi ne inda yawancin yara ke tuntuɓe. Kafin a taɓa komai, a rubuta sifili a gidan ɗai-ɗai, domin 3 ɗin nan talatin ce. Don Allah kada ku ce wa yaro "haka ake yi" kawai; ku tambaye shi 3 ɗin a wane gida take, ya faɗa da bakinsa. Daga nan 3 sau 7 ya ba da 21, a rubuta 1, a riƙe 2. 3 sau 4 ya ba da 12, a ƙara 2, ya zama 14. Layi na biyu 1410. A haɗa 282 da 1410, a sami 1692.

Idan yaro ya kawo amsa ba daidai ba, amsar kanta za ta nuna muku inda ya kauce. Idan kun ga 423, ya manta sifili ne, ya haɗa 282 da 141. Idan layin farko ya fito 482, ya ƙara 4 da ya riƙe a kan 4 tun kafin ya yi sau, sai ya yi 6 sau 8. Ƙa'idar ita ce sau tukuna, ƙari daga baya. Idan kuma layi na biyu ya fito 1610, bai soke tsohuwar 4 ba, ya sake amfani da ita maimakon 2.

A ganina bai kamata ku gyara masa da hannunku ba. Ku sa shi ya kimanta: 47 ta kusa 50, 36 ta kusa 40, 50 sau 40 kuwa 2000 ne. Amsa za ta yi ƙasa da 2000 amma ba da nisa ba, don haka shi da kansa zai ga 423 ba ta yiwuwa. Sai dai kimantawa ba ta kama ƙaramin kuskure. Don wannan, a juya lambobin a yi 36 sau 47: layukan za su fito 252 da 1440, jimla kuma 1692 ɗin dai.

Yaron da bai haddace jadawalin sau na 6 da 7 ba, ku bar jadawalin a gabansa yana dubawa yayin da yake koyon jerin, a yi haddar a wani lokaci daban.

Aikin gida: 58 sau 24, da 63 sau 45. Amsoshin su ne 1392 da 2835, ku riƙe su a wurinku har ya gama. A bar ƙananan lambobin a takardar kada a goge, da su nake gane yadda yaro ya yi tunani. Mai tambaya yana iya samuna a makaranta ranar Alhamis bayan an tashi.

Na gode,
Malamar lissafi, aji huɗu