Rahoton Ayyukan Shekara: Aikin Kwamitin Duba Takardun Neman Izinin Tattaunawa da Jami'an 'Yan Sanda

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Malamanmu iyayen ƙungiya, shugaba da sauran 'yan majalisa, 'yan'uwa ɗaliban digiri na biyu da na uku masu nazarin zamantakewar al'umma a nan Sakkwato, wannan shi ne rahoton sakatariya a kan aikin da babban taron bara ya ɗora mana, wato taimaka wa membobin da kundinsu ke buƙatar tattaunawa da jami'an 'yan sanda wajen rubuta takardar neman izini. Kwamitin ya zauna sau ɗaya a kowane wata, ban da watan azumi, kuma duk takardar da aka kawo an karanta ta a gaban mai ita kafin ta fita.

Abu na farko da ya ci mana lokaci shi ne sanin wanda ya kamata a rubuta wa. Yawancin ɗalibai sukan nufi baturen 'yan sandan caji ofis mafi kusa da su, saboda shi suka sani ko kuma wani ɗan'uwa ya yi musu hanya. Sai dai aikin ɗan sanda aiki ne na bin umarni daga sama zuwa ƙasa, kuma jami'i ba ya sakin jiki ya yi wa baƙo bayanin aikinsa ba tare da na gaba da shi ya amince ba. Baturen 'yan sanda yana ƙarƙashin kwamandan yanki, shi kuma yana ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Don haka shawarar da muka tsaya a kanta ita ce a rubuta wa Kwamishina kai tsaye, ta hannun shugaban sashen ɗalibi, matuƙar binciken bai wuce jiha ɗaya ba. Wanda aikinsa ya ratsa har Kabi da Zamfara yana iya haɗawa da ofishin Mataimakin Sufeto Janar na shiyya ta 10, wanda mazauninsa ke nan Sakkwato, amma hakan bai ɗauke masa rubuta wa kowane Kwamishina ba. Mun kuma nace a kan a rubuta wa muƙami, kada a rubuta wa mutum da sunansa, domin ana yawan yi wa manyan jami'ai sauyin wurin aiki, kuma takardar da ke ɗauke da sunan wanda ya tafi tana iya kwanciya a fayil ba mai taɓa ta.

Za mu tsaya a kan takarda guda ɗaya, da yardar mai ita, domin kusan duk abin da muka koya a bana yana cikinta. Wata 'yar'uwarmu mai digiri na biyu tana nazarin yadda 'yan sanda da masu unguwanni ke haɗa kai wajen sasanta ƙananan rigingimu, irin su rikicin iyakar fili da faɗan maƙwabta, kafin magana ta kai kotu. Takardarta ta farko shafi uku ce. Shafi biyu sun tafi a tarihin aikin ɗan sanda tun zamanin 'yan doka, wanda ta ɗebo daga babi na biyu na kundinta, sa'annan a ƙarshe ta roƙi a ba ta duk taimakon da ya dace. Ba ta faɗi jami'ai nawa take so ba, ba ta ambaci caji ofis ko ɗaya ba, ba ta kuma haɗa da ko takarda ɗaya daga jami'a ba. Wani malaminmu da ya karanta ya ɗago kai ya tambaye ta: "Malama, in ke ce Kwamishina, wa za ki tura wa wannan, kuma me za ki ce ya yi?" Ta yi shiru, domin babu amsa a cikin shafukan.

Wannan tambayar ita ce ma'aunin da muka riƙa auna sauran takardu da shi. Babban jami'i ba ya amsa irin wannan wasiƙa da doguwar magana. Yakan rubuta layi ɗaya ko biyu a gefenta ya tura wa wani na ƙasa da shi, sau da yawa ɓangaren mulki ko kakakin runduna, ya aiwatar. In abin da aka roƙa ba shi da iyaka, babu layin da za a rubuta, kuma abin da ya fi sauƙi shi ne a ajiye takardar.

Akwai kuma wani kuskure na kalma da ya kamata membobi su lura da shi. Takardar da Turanci ake rubuta ta, tunda shi ne harshen aikin ofis, amma mu da Hausa muke tunani, kuma a Hausa kalmar bincike ɗaya ce ga ɗalibi da ga ɗan sandan da ke bin sawun ɓarawo. 'Yar'uwar tamu ta yi amfani da kalmar Turancin da 'yan sanda ke nufin binciken laifi da ita, sai takardar ta fito kamar tana cewa za ta binciki jami'an ne. Mun sauya ta da kalmar da ke nufin nazarin ilimi.

Takarda ta biyu shafi ɗaya ce tak. Bayan adireshi da kwanan wata da kanun da ya faɗi buƙata a layi ɗaya, sakin layi na farko ya gabatar da ita: sashenta, lambar rajistarta, taken kundin kamar yadda jami'a ta amince da shi, da muƙamin malamin da ke duba aikin. Sakin layi na biyu shi ne zuciyar takardar, kuma ma'anarsa da Hausa ita ce: "Yallabai, ina neman izinin tattaunawa da jami'ai 12 a caji ofis uku na cikin gari, huɗu a kowanne, wato baturen 'yan sanda, da sufeto ɗaya, da biyu daga cikin masu muƙamin saja zuwa kurtu, na tsawon minti 40 da kowannensu, cikin mako shida daga ranar da aka amince, a lokacin da ba zai shiga aikinsu ba." Sakin layi na uku ya faɗi abin da ba za ta taɓa ba: shari'ar da ke gaban kotu, fayil ɗin binciken da ba a rufe ba, yawan makamai, da wuraren da aka girke jami'ai. Wannan iyakancewa ba ƙaramin amfani gare ta ba a jihar da ƙananan hukumomi irin su Isa da Sabon Birni ke fama da 'yan bindiga, domin duk shugaban da ya ga takardar baƙo, abin da zai fara tsoro shi ne fitar bayanin da zai jefa mutanensa cikin haɗari. Ta rufe da alkawarin ɓoye sunaye da miƙa kwafin kundin bayan kammalawa.

Abubuwan da aka liƙa a bayanta su ne takardar gabatarwa daga shugaban sashe mai ɗauke da hatimi, kwafin katin shaidar ɗalibta, amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, takardar yardar da kowane jami'i zai sa wa hannu, da jerin tambayoyin duka. Wasu membobi sun yi gardama a kan miƙa tambayoyin, suna ganin za a haddace amsa tun kafin a zo. Gardamar tana da tushe, amma ra'ayin sakatariya shi ne ɓoye su ya fi tsada, tunda wuya ne a ba mutum izinin yin tambayar da ba a gani ba.

Ta kai kwafi biyu ofishin karɓar wasiƙu, aka buga wa nata hatimin karɓa da kwanan wata, kuma da wannan kwafin ta koma bibiya bayan mako biyu. Amsa ta fito a rubuce, aka kuma sanar da caji ofis ɗin uku. Muna jan hankali a nan cewa izinin baki ba ya wadatarwa, ko da babban jami'i ne ya ce je ki ba komai, domin ranar da aka sauya wanda ke zaune a kantar caji ofis, takarda ce kawai za ta shigar da ɗalibi.

Matsalar da ba mu hango ba ta ɓullo ne bayan samun izinin. A wuri na farko, shugaban ofis ɗin, cikin kyakkyawar niyya, ya zaɓo jami'an da kansa, ya ba ta kujera a ofishinsa, yana zaune yana aikinsa ana tattaunawar. Da ta kawo mana rubutun, sai muka ga amsoshin ƙananan jami'an uku kusan kalma ɗaya ce: komai lafiya lau, haɗin kai ɗari bisa ɗari, babu wata matsala. Babu wanda ya kawo misalin rigima ko ɗaya da ya taɓa sasantawa, kuma tattaunawar da aka tsara wa minti 40 ta ƙare cikin minti goma. Waɗannan su ne alamomin da ake gane cewa mutum yana amsa wa maigidansa ne, ba mai tambaya ba. Izinin Kwamishina yana buɗe ƙofa ne kawai. Yardar jami'in da za a tattauna da shi daban take, kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta shardanta cewa yarda ta zama da son rai, mai ita kuma yana da ikon janye ta. Kurtun da aka kira aka ce zauna ka amsa bai samu wannan zaɓi ba. A sauran wurare biyun ta roƙi a ba ta wani ɗaki daban, ta yi wa jami'ai bayani a tare, ta bar wanda yake so ya zo da kansa, kuma a nan ne ta samu labaran da babi na huɗu ya tsaya a kansu. Tun daga lokacin muka ƙara jimla ɗaya a samfurin takardarmu mai roƙon ɗaki daban da barin jami'i ya zo da son ransa tun farko.

Ɓoye suna ma bai tsaya ga cire suna ba. In aka rubuta cewa wata sufeto mace a caji ofis kaza ta ce kaza, alhali ita kaɗai ce mace mai wannan muƙami a wurin, an faɗi sunanta ke nan. Mun ba da shawarar a sa wa wuraren haruffa, a kuma haɗa muƙamai gida biyu, manya da ƙanana. Jami'an da suka ƙi a naɗi muryarsu, an rubuta maganarsu da hannu, aka karanta musu kafin a tashi.

Wani ɗan'uwa ya kawo shawarar a riƙa ambaton Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 a cikin takardar don ƙara mata nauyi. Kwamiti bai karɓa ba. Dokar ta shafi neman bayanan da ke ajiye a hannun hukuma, tana ba da kwana bakwai a amsa, tana kuma da togaciya a kan abin da ya shafi binciken laifi, amma ba ta tilasta wa wani jami'i ya zauna a yi hira da shi. Mai son alƙaluman da ke rubuce ya nema a wasiƙa daban.

Ta fuskar kuɗi, abin da aka kashe bai wuce na buga takardu da ruwan sha a zaman kwamiti ba, kuma ma'aji zai karanta dalla-dalla bayan wannan rahoto. A shekara mai zuwa muna neman amincewar taro a kan abu biyu: a fassara takardar yarda zuwa Hausa domin jami'an da suka fi sakewa da ita, a kuma wajabta wa duk memba ya kawo takardarsa gaban kwamiti aƙalla wata uku kafin ranar da yake son fara fita tattara bayanai. Samfurin da aka gyara yana hannun mataimakin sakatare ga mai buƙata.

Sakataren Ƙungiya,
a madadin Kwamitin Duba Takardu,
Sakkwato.