Kafin a nemi tallafin injin oksijin, a fara ƙirga lita da wuta

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin yara na wani asibitin gunduma, kwanan nan muka gama rubuta firofozal na neman tallafin injinan haɗa iskar oksijin da kuma oksimita, 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa ta nuna yawan oksijin a jini. Ina so ka ba ni fili in faɗa wa masu shirin rubuta irin wannan takarda inda muka yi tuntuɓe.

Rubutunmu na farko cewa kawai muka yi muna son inji goma da oksimita goma. Masu ba da tallafin suka dawo mana da ita da tambaya ɗaya, wai me ya sa goma? Wallahi ba wanda ya iya amsawa, lambar ce kawai ta yi mana daɗi a baki.

To sai muka koma lissafi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce duk yaron da awonsa na SpO2, wato yawan oksijin a jini da oksimita ke nunawa, ya yi ƙasa da kashi 90 a sa masa oksijin, kuma ta 'yar robar hanci jariri sabon haihuwa yana shan rabin lita zuwa lita 1 a minti, ɗan ƙasa da shekara lita 1 zuwa 2, wanda ya ɗan tasa har zuwa lita 4. Muka ari oksimita ɗaya muna auna duk yaron da aka kwantar muna rubutawa. Ranar da ta fi cika yara takwas ne: jarirai biyu lita 2 ke nan, 'yan watanni huɗu lita 8, manya biyu wata lita 8, jimla lita 18 a minti. Inji mai lita 5 guda huɗu ya ɗauke wannan in an haɗa masa abin raba iska, wanda ke sa inji ɗaya ya ba yara da dama kowa da nasa ma'aunin. Muka ƙara ɗaya na ko-ta-kwana. Biyar ke nan, ba goma ba.

Inda kuɗin ya tafi kuwa shi ne wuta, kuma nan ne nake ganin yawancinmu muke rufe ido. Shi wannan inji ba tulun oksijin ba ne, ba ya ajiye komai, iskar ɗaki yake zuƙa mai oksijin kashi 21 ya tace naitirojin ya fitar da wajen kashi 90 zuwa 95, ana ɗauke wuta iskar ta tsaya nan take, yaro na kwance da roba a hanci ba abin da ke shiga. Mai lita 5 yana cin wajen wat 350, huɗu wat 1,400 ke nan, a awa 24 ya haura yunit 33. Da muka kai wa mai haɗa sola wannan lamba sai da ya yi shiru tukuna. Don haka muka sa sola da batura da sitabilaiza a cikin kasafin, da tulun oksijin guda biyu saboda daren da komai zai ƙi.

Akwai kuma wani abin da ya fi ba ni tsoro. Inji zai iya yin ƙara yana hura iska, 'yar ƙwallon ma'auni tana sama lafiya lau, amma abin da ke fitowa kusan iskar ɗaki ce saboda ƙura ko danshi sun kashe matatar ciki. Ido ba ya gane wannan. Yawancinsu suna da fitila ko ƙararrawa in ingancin ya faɗi ƙasa da kashi 82, amma mun nemi na'urar gwajin ingancin iska guda ɗaya, mun kuma rubuta wanda zai riƙa wanke soson tace ƙura duk sati, da matatun canji na shekara biyu.

Oksimita kuma, don Allah kar a rubuta ta manya mai matse yatsa. Yatsan jariri bai cika ta ba, lamba sai ta yi ta tsalle ko ta ƙi fitowa. Ta riƙewa a hannu muka nema mai igiyar waya, da kan awo daidai yatsan yara da kuma wanda ake naɗawa a ƙafar jariri, kowanne da ƙari domin wayar ce ke fara mutuwa. Ga bakwaini ma ita ce ke hana mu wuce gona da iri, don oksijin in ya yi masa yawa yana taɓa ido, ba a so awonsa ya wuce 95.

A ƙarshen takardar mun yi alkawarin abin da za mu iya ƙirgawa ne kawai: yara nawa aka auna ranar kwanciya, nawa ne ƙasa da 90, nawa daga cikinsu suka samu iskar, da awa nawa kowane inji ya yi yana aiki. Mun tura ta sati uku da suka wuce, muna jiran amsa.

Na gode.
Mai karatunku, daga ɗakin yara.