Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Mai girma Gwamnan jihar Damagaram, kan Mai shiga tsakani da iyakar ikonsa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni mai rubuta wa mutane takardu ne a Zengo, teburi ɗaya da benci ƙarƙashin bedi. Wanda bai iya Faransanci ba ya zo ya faɗi kukansa da Hausa, ni kuma in mayar masa a takarda. Wani kuskure da na yi a wannan sana'a shi ya sa na ɗauki alƙalami yau.

Shekarun baya wani dattijo mai sayar da fatu ya zo mini da takarda ninke huɗu cikin leda. Wata ma'aikata ce ta soke masa izinin rumfar da ya daɗe yana biya wa haraji, aka ba wani, ba tare da an kira shi an ji ta bakinsa ba. Ya ce shi ba ya son shari'a, an gaya masa akwai Mai shiga tsakani na ƙasa, mai karɓar koken jama'a kan hukuma, kuma kyauta ne. Na ce haka ne. Na fara rubuta wa ita ma'aikatar ta sake duba lamarin, don ba a tsallake mai abu a kai ƙararsa sai an nemi gyara a wurinsa. Da aka yi shiru, na haɗa masa dosiye: takardar sokewar, rasiɗan haraji, kwafin wasiƙarmu mai tambarin karɓa. A ofishin Mai shiga tsakani aka karɓi kokensa, aka rubuta wa ma'aikatar, har aka ba ta shawarar ta maido masa rumfar ko ta ba shi wata. Dattijo ya kawo mini goro.

Shawara ce fa, ranka ya daɗe. Ma'aikatar ta sa ta a durowa.

Dokar 2011 da ta tsara wannan ofishi, wanda Cheiffou Amadou ya riƙe a lokacin, ta ba Mai shiga tsakani ikon karɓar koke kan ma'aikatun gwamnati da ƙananan hukumomi, ya nemi bayani, ya ba da shawara, ya kai rahoto ga shugaban ƙasa. Ba ta mai da shi alƙali ba. A wancan zamani ba ya soke takardar da hukuma ta sa wa hannu, ba ya yanke diyya ya tura a karɓo. Maganar da ke gaban kotu ba ya sa mata baki, hukuncin da alƙali ya yanke kuma ba ya warware shi. Ƙarfinsa kunya ce da nauyin suna, kuma sau da yawa suna aiki, musamman inda dosiye ya kwanta don sakaci kawai. Amma inda wani ke cin moriyar kuskuren, kunya ba ta tayar da shi daga rumfa.

Abin da ban gaya wa dattijon ba, don ni ma ban kula ba, shi ne kai kuka can ba ya tsayar da agogon kotu. Wanda ke son alƙali ya soke matakin hukuma yana da wa'adi ƙidayayye, kuma gajere ne. Muna zaman jiran amsa, damina ta shigo ta fita. Ranar da ya haƙura ya je wurin lauya, mutumin ya dubi kwanan watan da ke kan takardar, ya ƙirga da yatsa, ya ce: "Baba, ina kake tun tuni? Ƙofar ta rufe." Yana da gaskiya a hannu, babu inda zai kai ta.

'Yan kasuwarmu masu zirga-zirga Kano sun san can ma haka take. Hukumar karɓar koke-koken jama'a da Najeriya ta kafa a 1975 bincike da shawara take yi, ba ta taɓa abin da ke kotu.

Ban zo roƙon a ba kowa sandar alƙali ba, wannan ba a hannunka yake ba. Abu biyu nake roƙo, ko wane suna mai karɓar koken talaka yake amsawa. Ka sa duk inda ake karɓar koke a jihar nan a gaya wa mutum da Hausa ko Barbarci, ranar farko, cewa shawara za a bayar, kuma wa'adinsa na kotu yana tafiya. A faɗa a gidajen rediyo, a liƙa da boko da ajami. Sannan ma'aikatun da ke ƙarƙashinka, in aka aiko musu shawara, su amsa a rubuce cikin lokacin da kai za ka yanka musu, ko da amsar "mun ƙi" ce, da dalilinta. Da dattijon nan ya samu "mun ƙi" a makon farko, da washegari yana gaban lauya.

Na gode, Allah ya taya riƙo.

Mai rubuta takardu,
Zengo, Damagaram