Sanarwa: Inshorar shago, wane haɗari za mu fara rufewa?

Assalamu alaikum ƴan uwa masu shaguna. Tunda ana ta tambaya kan inshora, ga shawarata.

Ku fara da gobara. Ɓarawo yana ɗaukar abin da zai iya ɗauka, wuta kuwa ba ta barin komai, musamman lokacin hunturu da iska ke kaɗawa, ga shagunanmu na Sabon Gari a manne da juna, ga janareta da tsofaffin wayoyin lantarki.

Ambaliya ta danganta da inda kake. In shagonka yana gangare kusa da kogin Kubanni ko bakin kwalbati, ka sa a rubuta ta a takarda, domin inshorar gobara zalla ba ta biyan ɓarnar ruwan sama. Wanda ke kan tudu yana iya barinta.

Sata kuma, yawanci sai an ga alamar fasa ƙofa ko rufi, da rahoton ƴan sanda, kafin a biya. Abin da yaron shago ya zare a ɓoye ba ya ciki.

Abin da ya fi damuna shi ne rage darajar kaya don kuɗin inshorar ya yi sauƙi. In kayanka na naira miliyan 4 ne ka rubuta miliyan 2, wuta ta ci na miliyan 1, dubu 500 za a ba ka. Don Allah ku adana rasit da hoton kaya a gida, kada su ƙone tare da shagon. Mai son tsarin Musulunci ya nemi takaful mai lasisin NAICOM, hukumar kula da inshora ta ƙasa.