A riƙa juya lissafi kafin a juya kalma

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan wani labarin gobarar daji a Amurka da kuka ɗauko daga kamfanin dillancin labarai kuka fassara, wanda na dace da karanta asalinsa na Turanci kafin naku ya fito. Na shafe shekaru ina irin wannan aiki, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai.

Kun ce zafi ya kai digiri 104, ba ku ƙara komai ba. Mai karatunku da ma'aunin Salshiyas ya saba, wanda ruwa ke tafasa a kansa a digiri 100, don haka ko dai ya ɗauka ƙarya ce, ko ya ɗauka mutanen garin sun dahu. Amurkawa da ma'aunin Faranhait suke aiki, kuma juya shi ba wuya: a cire 32 daga 104 saura 72, a ninka sau 5, a raba gida 9, sai a sami digiri 40. Zafi ne mai tsanani, amma wanda hankali zai ɗauka. Haka kuma asalin labarin ya ce eka 10,000 ta ƙone, ku kuka rubuta hekta 10,000, alhali hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi, wato abin da ya ƙone bai wuce hekta 4,000 da 'yan kai ba. Da canjin kalma ɗaya kun ninka ɓarnar fiye da sau biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne jimlar da ta ce gwamnan jihar yana ƙarƙashin wuta. A Turanci salon magana ne da ke nufin mutum yana shan suka, amma a cikin labarin gobara, wa zai zargi mai karatu idan ya fahimci cewa wutar ta ritsa da gwamna? Duk jimlar da mai fassara ya karanta a bayyane ya ji ba zai iya faɗa wa mahaifinsa ita haka ba, to Turanci ne sanye da rigar Hausa.

A kan muƙamai kuwa, aikin mutum ya kamata a duba kafin laƙabinsa. Wanda kukan kira sakataren jiha a gwamnatin tarayyar Amurka shi ne ministan harkokin waje, kodayake yawancin jihohin ƙasar suna da nasu jami'in mai wannan laƙabi, wanda galibi harkar zaɓe yake kula da ita. Sai an tantance wanne ake nufi.

Roƙona shi ne ku ajiye takardar juya ma'aunai a teburin fassara, kuma wani wanda bai ga Turancin ba ya karanta Hausar kafin a buga.

Na gode.

Naku,
Wani tsohon mai fassara