Wasiƙa zuwa Kumasi: kafin ka ɗauki bidiyon godiyarka

Zariya, 14 ga Disamba, 2025

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da su Baba. Yaya shago, yaya kasuwa? Mu nan hunturu ya sauka, ƙura ta rufe gari, sai hamdala.

Saƙonka ya iso. Ka ce kana so ka yi wa mabiya tasharka ta YouTube bidiyon godiya na ƙarshen shekara, ka kuma faɗa musu abin da ka ƙudurta a baɗi, kana tambayar yadda na yi nawa. Na ga abin ya fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Bari in fara da inda na yi tuntuɓe. Bara war haka na zauna gaban waya, zuciyata cike da murna, na ce wa jama'a in Allah ya yarda za su riƙa ganin darasin ɗinki biyu kowane mako. Ban ɗauki biro na lissafa ba. Biyu sau mako 52, bidiyo 104 ke nan. Shekaranjiya na buɗe YouTube Studio na ƙirga abin da na ɗora, na samu 41. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani yaro mai koyon yankan kaftani da ya rubuto a watan Afrilu yana tambaya ko lafiya, don ya sayi yadi ya ajiye yana jiran darasin haɗa wuya da na yi alkawari. Na kwana da wannan maganar. Yaron ya kashe kuɗinsa ne bisa abin da ya fito daga bakina.

Da na duba dalili sai na ga a fili yake. Darasi ɗaya yana cin kusan awa uku wajen ɗauka, domin sai na tsaya na gyara zaman waya duk lokacin da na tashi daga teburin yanka zuwa kan keke. Tacewa da sa rubutun awo a jikin hoton su ci awa huɗu, ɗorawa kuma ya danganta da ƙarfin sabis. Yini guda ke nan na aikin shago. To tela ina zai samu yini biyu a mako cikin azumi, ɗinkunan Sallah sun taru har rufi? Watan Maris ɗin da ya wuce ko guda ban ɗora ba, haka ma makonnin da suka gabaci Babbar Sallah.

Saboda haka bana na soma da kalanda kafin in kunna kyamara. Azumin 2026 zai kama wajen tsakiyar Fabrairu, Ƙaramar Sallah ta faɗo wajen 20 ga Maris, Babba kuma ƙarshen Mayu. Na cire wata biyu cur na ce ba na nan. Saura wata goma, darasi uku kowane wata, 30 ke nan, ƙasa da 41 da na riga na san ina iyawa. Haka na faɗa musu ba ɓoye-ɓoye, har da sunan watannin da ba za su gan ni ba. Kai ma ka san lokacin da gyaran waya ke yi maka yawa a can. Ka cire shi tun yanzu, ka yi alkawarin da bai kai abin da ka yi bana ba. In ka ƙara a kai, kyauta ce.

Akwai abin da ka rubuta da bai kwanta mini ba, wato za ka ce musu baɗi tashar za ta fara kawo kuɗi. Don Allah kada ka faɗi haka. Wannan ba a hannunka yake ba. Kafin YouTube ya ba ka kason talla sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin wata goma sha biyun da suka wuce, ko kuma mabiya 1,000 ɗin da kallo miliyan goma na Shorts, wato gajerun bidiyo, cikin kwana 90. Ka lura da wata goma sha biyun nan, tafiya suke yi. Awannin da ka tara a Janairun bana za su fita daga lissafi da zarar Janairun baɗi ta wuce, don haka za ka iya wayar gari ka ga adadin ya ragu alhali ba ka yi laifin komai ba. Kallon gajerun bidiyo da mutane ke turawa sama da yatsa kuma ba ya shiga cikin awa 4,000 ɗin. Ko an karɓe ka, ba a turo kuɗi sai sun kai dala 100. Abin da ke hannunka shi ne yawan darasi, da ranar fitowarsa, da abin da za ka koyar. Ka tsaya a nan.

Ita kuwa godiyar, bara na lalata ta da tsawon gaisuwa. Na gaida na gida da na waje, na gaida malamai da iyaye, minti ɗaya ya wuce ban ce komai ba. Daga baya na shiga Analytics na duba layin da ke nuna inda masu kallo suke tsayawa da inda suke ficewa. Shi YouTube yana auna mutum nawa suka rage a daƙiƙa 30 na farko, ni kuwa a daidai nan layina ya gangara kamar an tura shi rijiya. Sallama ba a barin ta, mu ba mu iya fara magana babu ita ba. Amma numfashi ɗaya ta isa, sai ka shiga zance.

Kuma godiya ta fi shiga rai in ta kama wani abu takamaimai. Bana ban ce na gode da goyon baya kawai ba. Na ce akwai wanda ya gyara mini kuskure a darasin hannun riga, inda na manta ban ƙara inci ɗaya na ɗinki ba, na nuna gyaran a kan yadi. Na ce akwai mata da suka nemi in rage sauri wajen karanta awo, na rage. Ban ambaci sunan kowa ba, don ban nemi izininsu ba, amma masu abin sun gane kansu. Sannan na ba da haƙuri kan alkawarin bara, jimla biyu, ban tsaya kare kaina ba. Duka bidiyon bai kai minti huɗu ba.

Kada ranka ya ɓaci in ka ga bai samu kallo kamar darussanka ba. Mai neman yadda ake canza gilashin waya zai iske ka ta hanyar bincike, amma ba wanda ke binciken godiyar mutumin da bai sani ba. Na gida ne kaɗai za su kalla, su ne kuwa aka yi dominsu.

Batun ɗauka, ka zauna a shagonka inda suka saba ganinka, fuskarka na kallon ƙofa ko taga don haske ya sauka a kanka. Ka kashe janareta da fanka, ka maƙala ƙaramin makirfo a wuyan riga. Ni sai da na sake ɗauka saboda iskar hunturu ta cika sautin da huci. Ka rubuta alkawuranka a takarda, ka liƙa ta a bango inda za ka riƙa ganinta. Tawa tana saman keke.

In ka tace, turo mini kafin ka ɗora, in saurara da kunnen baƙo. Yadin da ka aiko ya iso, zan yanka kaftaninka kafin cunkoson azumi, amma ka sake turo awon kafaɗa, na wancan karon ya ɓace mini. Ka gaida Hajiya da yara, ka ce wa Baba ina neman addu'a.

Naka har kullum,
Amininka na Zariya