Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Sakataren Kwamitin Masauki: a ƙirga dare, ba kawuna ba

"Muna da taron kwana biyu a Kaduna, Talata da Laraba, wakilai 48. Na Maiduguri da Yola za su iso Lahadi, na Sakkwato, Katsina, Kano da Bauchi ranar Litinin, na Abuja da Zariya kuma safiyar Talata. Shin mu kama ɗaki 24 daga Lahadi zuwa Alhamis, mu ɗauki hayar babbar bas ɗaya mu huta?"

Assalamu alaikum, Malam Sakatare.

Kada ku kama ɗaki 24 ɗin nan. Za su yi muku yawa ranar Lahadi, su kuma gaza muku ranar Talata. Otal ba ya sayar da ɗaki da yawan mutane, da dare yake sayarwa, don haka lissafinku ma da dare zai tafi.

Ku samu takarda ɗaya, kowane wakili da layinsa: suna, namiji ko mace, garin da zai taso, abin da zai hawo, ranar isowa, ranar tafiya, lambar waya. Ku ƙara tambaya ɗaya da aka fi mantawa da ita: wa zai zo tare da kai? Shugaban reshe yakan zo da direbansa, mai goyo takan zo da 'yar raino, kuma duk sai sun kwana. Bayanin nan daga bakin wakilin za a karɓa. Idan aka dogara da shugaban reshe ya ce "mu takwas ne, Litinin muna tafe", sai an wayi gari uku sun riga sun iso tun Lahadi.

Bari mu ɗauka maza 33 ne, mata 15, mutum biyu a ɗaki. A ce 'yan Lahadi goma ne, maza 7 mata 3. Mazan ɗaki 4, matan ɗaki 2, ɗaki 6 ke nan a daren Lahadi, ba 5 ba, tunda ba a haɗa ragowar namiji da ragowar mace. Litinin mutum 26 suka ƙaru, maza 18 mata 8, jimilla maza 25 mata 11, wato ɗaki 13 da 6, ya zama 19. Talata 12 na ƙarshe suka shigo, maza 8 mata 4, aka ƙara ɗaki 6, ya kai 25. Laraba da yamma na Abuja da Zariya sun koma gida, an dawo 19. Ku haɗa: 6 da 19 da 25 da 19, kwanan ɗaki 69. Shirinku na farko 96 ne. Bambancin 27, kuma in da a ce ɗaki Naira 30,000 ne, ƙarin Naira 810,000 ke nan da za ku biya a banza, ga kuma mutanen da za su rasa makwanci a daren da aka fi cika.

Wannan lissafi yana tsayawa ne kawai idan an haɗa abokan ɗaki bisa ranar tafiya. Mutum 12 na safiyar Talata su zauna da junansu, domin ɗakunansu shida su fita gaba ɗaya ranar Laraba. Idan aka bar kowa ya zaɓi abokinsa, ɗan Zariya ya shiga wurin ɗan Yola don sun yi makaranta tare, to ranar Laraba za ku tarar da ɗakuna da yawa mutum ɗai-ɗai a ciki, ba wanda za a iya mayar wa otal. Haka kuma wanda ya kwana shi kaɗai daren Lahadi a gaya masa tun farko cewa Litinin wane zai shigo masa. In ba a faɗa ba, ya riga ya baza kayansa a gado biyu, sai ranku ya ɓaci kafin a daidaita. Manyan da za a ba ɗaki su kaɗai a ware su tun kafin a fara raba biyu-biyu.

Otal a ba su jadawalin dare-dare a rubuce, da sunaye, a biya kafin alƙalami, a karɓi rasit mai nuna yawan ɗakunan kowane dare. Magana ta baki da manaja ba ta isa ba, domin mai karɓar baƙi na dare wani ne daban, kuma idan ƙarfe tara ta yi bai ga kowa ba zai iya sayar da ɗakin ga wanda ya zo da kuɗi a hannu. A rubuta cewa ɗakunan 'yan nesa a riƙe su ko da sun yi dare. A rubuta kuma abin da kwamiti zai biya: kwana da karin kumallo, misali, amma wanki da abincin da aka kira ɗaki na wakili ne.

Akwai tarkon tsakar rana. Galibin otal-otal ƙarfe 12 ake fita, sabon baƙo kuma sai bayan an gyara ɗaki. 'Yan safiyar Talata su ajiye kaya a ɗaki ɗaya da kuka tanada, su wuce zaure, su karɓi makulli bayan azahar. Ranar Laraba kuwa su miƙa makulli tun da safe kafin su tafi taro. Wanda ya bar jakarsa a ciki har la'asar ya jawo muku kuɗin wani kwanan.

Batun bas ɗaya, ba za ta yi ba, saboda mutanenku ba ta ƙofa ɗaya za su shigo Kaduna ba. Na jirgin ƙasa a Rigasa za su sauka, na hanyar Zariya a Kawo, mai jirgin sama a filin jirgi, kuma tsakanin waɗannan akwai tafiya. Lahadi ƙaramar mota ɗaya ta isa. Litinin daga azahar zuwa magariba ne aikin yake, a nan kuke buƙatar bas mai kujera 18 da ƙaramar mota a gefe. Ku lissafa mata mutum 14 kawai, sauran kujerun jakunkuna ne za su cinye. Direba kada ya tafi tasha ya zauna jira tun safe. Wakilan su bugo waya idan sun wuce Zariya, a lokacin ya tashi. Mai jirgin sama ya bugo bayan ya shiga jirgi, tunda ana ɗage tashi.

Reshen da zai yi shatar mota daga garinsu ya daidaita da direba kan mai, da kwanakin jira, da abincinsa da makwancinsa, kafin a tashi. A taso bayan asuba. Wanda ya bar Maiduguri da hantsi dare zai yi masa a hanya, kuma gara a biya masa kwana a Kano da a ce ya ƙarasa.

Na Abuja ku duba musu jadawalin jirgin ƙasa a makon taron, domin yana canzawa. Tikiti da sunan mutum da lambarsa ta NIN ake yanka, ba mai hawa da na wani, kuma a yanki na komawa da zarar an buɗe sayarwa. Idan jirgin farko na Talata ba zai iso Rigasa kafin buɗe taro ba, sai su zo Litinin, ku kuma ƙara ɗakunansu a daren Litinin ku sanar da otal nan take.

Lambar waya ɗaya a ba kowa, a hannun mutum ɗaya da ba shi da wani aiki a zaure, jadawalin yana gabansa, yana soke sunan duk wanda ya karɓi makulli. Bayan isha'i ya bi sunayen da ba a soke ba, ya kira su ɗaya bayan ɗaya.

Wassalam,
'Yan'uwanku masu aikin shirya taruka